Waɗanne Bindigogi?

A gidan adana kayan tarihin sojan Birtaniya da ke Landan akwai wata 'yar takarda da aka rubuta da fensir cikin gaggawa. An rubuta ta ne da hantsin ranar 25 ga Oktoba, 1854, a kan wani tsauni da ke kallon filin Balaklava a yankin Kirimiya. Janar Raglan, babban kwamandan sojan Birtaniya, shi ya yi shifta, Janar Airey ya rubuta ya sa hannu. Abin da ke ciki bai wuce haka ba: Raglan yana so barade su matsa gaba da sauri, su bi maƙiyi, su yi ƙoƙarin hana shi tafiya da bindigogin; 'yan igwa masu dawaki za su iya raka su; baraden Faransa suna hagunku; nan take.

Duk wanda ya karanta zai ga kamar babu abin da ya shige duhu. Kalmomi ne na yau da kullum, babu mai wuyar fahimta a cikinsu. Amma ba a yi sa'a guda da rubuta su ba sai da mahaya sama da 100 suka mutu, wasu fiye da haka suka jikkata ko aka kama su, dawakai ɗaruruwa suka zube a cikin wani kwari da Raglan bai taɓa nufin a shiga ba.

Sai an san yadda ƙasar take kafin a gane yadda aka yi. A lokacin Birtaniya da Faransa da Daular Usmaniyya ta Turkiyya sun haɗa kai suna yaƙar Rasha, sun yi wa birnin Sebastopol ƙawanya. Abinci da harsashin sojan Birtaniya ta ƙaramar tashar ruwa ta Balaklava suke shigowa. A arewacin tashar akwai fili mai faɗi, wani dogon doron tudu ya raba shi biyu, kwari ɗaya a kudu, ɗaya a arewa. A kan doron aka gina ƙananan tungaye na ƙasa, aka zuba sojojin Turkiyya, aka ba su bindigogin igwa da aka sauke daga jiragen ruwan Birtaniya. Da asubahin ranar sai Janar Liprandi na Rasha ya auka musu da runduna mai yawa. Turkawan da ke tunga ta farko sun daɗe suna riƙe da ita, sun yi asarar mutane sosai, babu wanda ya kawo musu ɗauki. Daga bisani tungaye huɗu suka faɗa hannun Rashawa da bindigoginsu.

Raglan yana ganin wannan duka daga sama, kusan mita 200 bisa filin. Kwaruruwan biyu da doron da tungayen suna shimfiɗe a gabansa. Da wani a cikin muƙarrabansa ya hango Rashawa sun kawo dawakai da igiyoyi kamar za su janye bindigogin da suka ƙwace, sai ran Raglan ya ɓaci. A sojan wancan zamani, a tafi da igwarka shi ne babbar shaidar an ci ka da yaƙi. Shi kuwa ya yi shekaru da yawa yana sakataren Wellington, mutumin da sojoji suke alfahari cewa bai taɓa barin igwa a hannun maƙiyi ba. Saboda haka da ya ce “bindigogin”, a ransa babu wasu bindigogi a duniya sai waɗannan da idonsa ke kai.

Irin wannan kalma ba ta ɗauke da ma'anarta a jikinta. Mai cewa “bindigogin” ya riga ya ɗauka cewa shi da mai saurarensa abu ɗaya suke kallo. Haka ma “gaba”: gaban mutum yana inda fuskarsa take, kuma gaban wanda ke kan tsauni ba shi ne gaban wanda ke cikin kwari ba. Muddin mai magana da mai ji suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, waɗannan kalmomi suna aiki lafiya, shi ya sa ba a lura da rauninsu. Da zarar an rubuta su a takarda an ba ɗan aike ya sauka da su, sai su isa wurin mai karɓa babu abin da suke nunawa, shi zai cika su da abin da ke gaban nasa idon.

Mai karɓar kuwa shi ne Laftanar-Janar Lucan, kwamandan barade duka. Yana ƙasa, kuma tudun da ƙasar ta yi ya kare masa tungayen da aka ƙwace. Bai ga ana janye komai ba. Bindigogin da ya san da su a zahiri su ne na Rashawa, waɗanda aka jera a can ƙarshen kwarin arewa, kimanin kilomita 2 daga inda barade suke, da baraden Rasha masu yawa a bayansu. A hannun hagu na kwarin, kan tuddan Fediyukin, akwai wasu igwa da 'yan bindiga. A hannun dama, kan doron, akwai wasu.

Akwai kuma wata takarda da ta riga wannan. A cikinta Raglan ya ce barade su matsa su yi amfani da duk wata dama don ƙwato doron, dakarun ƙasa za su tallafa musu. Lucan ya fahimci cewa ya jira dakarun su iso, ya zauna yana jira kusan minti 45, Raglan kuma yana can sama yana ƙuna, yana ganin an ƙi bin umarninsa. A wajen Raglan takarda ta biyun ci gaban ta farko ce: doron dai, tungayen dai. A wajen Lucan sabon umarni ne mai zaman kansa. Babu kalma ɗaya a cikinta da ta ambaci doro ko tunga.

Wanda ya kawo ta shi ne Kyaftin Louis Nolan, dogarin Airey, gwanin hawa, marubucin littafi a kan dabarun yaƙin doki da ya fito a 1853. Raglan ya zaɓe shi ne saboda shi zai iya gangaro da doki ta gangaren nan mai haɗari ba tare da ya zagaya ba. Yana juya linzami Raglan ya ɗaga murya ya ƙara masa da baki cewa ya gaya wa Lucan barade su kai hari nan take. Kalmar hari ba ta cikin takardar. Takarda ta ce a bi, a hana. Baki ya ce a auka. Nolan kuma mutum ne da ya yi imani barade za su iya komai, kuma ba ya ɓoye raininsa ga Lucan, wanda hafsoshi suka yi wa laƙabi da ɗan kallo saboda suna ganin yana hana su faɗa.

Lucan ya karanta takardar, ya fara faɗin rashin amfanin abin da haɗarinsa. Nolan ya katse shi da cewa umarnin Raglan shi ne a kai hari yanzu. A nan Lucan ya yi tambaya, kuma bisa abin da shi da kansa ya bayar daga baya, ga yadda ta fito: “Hari? A kai wa me hari? Waɗanne bindigogi?” Nolan ya jefa kai baya, ya watsa hannu wajen gabas, ya ce, “Ga maƙiyinka can, ranka ya daɗe, ga bindigoginka can.”

An yi tambaya ke nan, kuma tambayar da ta dace ce a zahirin lafazinta. Wannan shi ne abin da ya fi ciwo a labarin. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, ga shi Lucan ya tambaya kuma ya ɓata, ya ɓatar da mutane sama da 600. Dalili shi ne tambayarsa ba ta neman sani ba ce, ta fushi ce. Mutum ne da ƙaramin hafsa ya yi wa magana gatsau a gaban yaransa, sai ya mayar da martani cikin siffar tambaya. Amsar da ya samu ita ma ta raini ce. Hannun da aka watsa ba ya bambanta wuri da wuri, musamman da yake daga inda suke tsaye, tungayen da ƙarshen kwarin duk suna gabas, tazarar da ke tsakanin fuskokin biyu ba ta da yawa. “Can” ta Nolan ba ta fi “gaba” ta Raglan haske ba. An amsa kalma mai nuni da wata kalma mai nuni, Lucan kuma ya karɓa ya yi shiru, domin sake tambaya zai zama kamar yana jin tsoro, abin da ake zarginsa da shi tun farko.

Alhali alamun cewa fahimtarsa ta karkace suna hannunsa, a cikin takardar da yake riƙe da ita. An ce a hana maƙiyi tafiya da bindigogin. Bindigogin da ke ƙarshen kwarin babu mai tafiya da su ko'ina. A girke suke, bakinsu na kallonsa, mallakar Rashawa ne tun asali. An ce a bi maƙiyi, kuma ba a bin wanda yake tsaye. An ce 'yan igwa masu dawaki za su iya rakiya, abin da yake da ma'ana idan za a hau doro a kori masu janye kaya, amma ba shi da ma'ana idan za a yi sukuwar kilomita 2 tsakanin wuta uku. Sannan kowane hafsan doki na zamanin ya san cewa ba a tura barade su kaɗai su tunkari bakin igwa da aka girke. Raglan kuwa an san shi da taka-tsantsan da baradensa, shi ne ma yake riƙe su a baya tun da aka sauka Kirimiya. Idan fassarar da mutum ya yi wa umarni ta saɓa wa rabin kalmomin umarnin, ta saɓa wa ƙa'idar sana'arsa, ta kuma saɓa wa halin wanda ya aiko, to abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne fassarar ce ta kuskure, ba mai aiken ne ya zautu ba.

Da wace irin tambaya ce za ta fitar da shi? Wadda ba za a iya amsa ta da hannu ba. Bindigogin namu ne da aka ƙwace, ko na Rashawa? Wannan takarda ci gaban ta ɗazu ce? Ko kuma ya maimaita abin da ya fahimta da bakinsa, ya ce: wato Raglan yana so in tura barade cikin kwarin nan har ƙarshensa, tsakanin tuddai biyu masu wuta? Nolan ya taso ne daga gefen Raglan, ya ga abin da Raglan ya gani. Tambaya irin wannan tana tilasta masa ya ce e ko a'a, kuma kowacce ya faɗa ta zama magana a gaban shaidu. Ba ta buƙatar a koma kan tsauni. Minti ɗaya ya ishe ta.

Masu karatun Sira sun san tambaya mai wannan siffa. A ranar Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, da Musulmi suka sauka a wani wuri, Hubabu ɗan Munzir ya ga wurin bai dace da yaƙi ba. Bai yi gunaguni ba, bai kuma yi shiru ba. Ya tambayi Annabi (SAW) ko saukar nan umarni ne daga Allah wanda ba a gaba da shi ba a baya, ko kuwa ra'ayi ne da dabarar yaƙi. Da aka ce masa dabara ce, sai ya kawo shawarar a matsa zuwa rijiyar da ta fi kusa da Ƙuraishawa, aka kuma karɓa. Tambayar tana da rassa biyu, ya san abin da zai yi a kan kowanne, kuma ladabinta bai rage mata kaifi ba. Ta Lucan ba ta da reshe ko ɗaya, buɗaɗɗiya ce, kowace irin amsa za ta shige ta.

Dole a yi wa Lucan adalci a nan. Dokar soja ta lokacin ta ce umarnin da dogari ya kawo ana bin sa kamar janar ɗin ne ya faɗa da bakinsa. Takardar tana ɗauke da “nan take”, ɗan aiken ya sake nanata ta. A fagen fama jinkiri ma yana kisa, kuma rundunar da kowane hafsa yake tsayawa sai an gamsar da shi ba za ta yi yaƙi ba. Ba kowane umarni ake tsayarwa a yi masa tambayoyi ba. Sai dai “nan take” tana faɗin lokacin da za a yi abu ne, ba ta faɗin mene ne abin. Kuma nauyin ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. Idan ya tsaya ya tambaya, mafi munin abin da zai faru shi ne Rashawa su yi nisa da wasu bindigogi. Idan bai tambaya ba, barade in sun shiga kwarin ba a kiran su su dawo.

Dama ta biyu ta zo bayan 'yan mintoci. Lucan ya hau ya tafi wurin Manjo-Janar Cardigan, kwamandan barade marasa nauyi, wato masu saurin kai farmaki da bin sawun wanda ya karye, ba irin 'yan lifidi masu karo ba. Su biyun surukai ne, Lucan yana auren ƙanwar Cardigan, kuma sun yi shekaru ba sa ga maciji. Lucan ya ba shi umarnin ya shiga kwarin. Cardigan ya sara masa da takobi, ya ce to, amma a yi masa izini ya nuna cewa akwai igwa a gaba, akwai igwa da 'yan bindiga a kowane gefe. Lucan ya ce ya sani, amma Raglan ne yake so, ba su da zaɓi sai biyayya.

Manyan hafsoshi biyu sun yarda a fili cewa abin ba shi da kan gado, kuma babu wanda ya ce a kira Nolan a sake tambayarsa, ga shi yana nan kusa, ya shiga sahun abokinsa Kyaftin Morris yana shirin bin su. Cardigan ya faɗi haɗari, bai tambayi manufa ba. Faɗin haɗari yana wanke mai faɗa idan abu ya lalace, amma ba ya gyara fahimta. Da ya ce a nuna masa takardar, da ya ga maganar tafiya da bindigogi, wataƙila da ya tsaya. Gabar da ke tsakaninsa da surukinsa ta sa duk wata kalma da ta wuce ta dole ta yi musu tsada.

Jim kaɗan bayan ƙarfe 11 mahaya kimanin 670 suka taso, Cardigan a gaba. Ba su yi nisa ba sai Nolan ya zaburo ya gitta ta gaban Cardigan yana kaɗa takobi yana ihu. Ɓarɓashin harsashin igwa ya same shi a ƙirji, ya zama na farko da ya mutu. Masana tarihi sun rabu a kansa. Wasu suna ganin a lokacin ne ya gane an nufi inda ba nan ba, yana ƙoƙarin karkata su dama zuwa doron. Wasu suna ganin da gangan ya nuna kwarin tun farko, kuma zumuɗi ne ya fitar da shi daga sahu. Ko wanne ne, mutum ɗaya da ya ji maganar Raglan da kunnensa ya tafi, kuma lokacin da ya kamata a tatsi abin da ya sani ya riga ya wuce.

Sauran suka ci gaba cikin wuta daga gaba da dama da hagu. Sun isa bindigogin, sun sare masu harba su, sun kutsa cikin baraden Rasha, sannan suka juyo ta hanyar da suka bi domin babu mai tallafa musu. Lucan ya biyo su da barade masu nauyi, amma da ya ga irin ɓarnar, shi ma an ji masa rauni a ƙafa, sai ya tsayar da su ya mayar da su baya. Wannan ne hukunci mafi kyau da ya yanke a ranar, kuma ya nuna cewa yana iya saɓa wa abin da yake zaton umarni ne idan idonsa ya ga sakamakon. Baraden Faransa suka hau tuddan Fediyukin suka kori 'yan igwar da ke can, abin da ya rage wa masu dawowa wuta daga gefe ɗaya. Duka abin bai kai rabin sa'a ba. Da aka yi ƙidayar farko, mutum 195 ne kawai suke kan dawakai.

Da dare Raglan ya gaya wa Lucan cewa ya salwantar da rundunar. Da Lucan ya kawo hujjar takarda da dogari, sai Raglan ya ce masa shi laftanar-janar ne, ya kamata ya yi aiki da hankalinsa, in bai yarda da harin ba ya ƙi yi. Maganar tana da gaskiya a ciki, amma ba ta wanke mai faɗinta ba. Shi ne ya rubuta wa mutumin da ke cikin kwari da kalmomin mai kan tsauni, ya bar sunan doro da tunga a cikinsa, ya kuma ɗora wa takarda wata kalma da baki. A rahotonsa zuwa Landan ya jingina abin ga rashin fahimtar umarni daga ɓangaren Lucan.

Lucan bai haƙura ba. Ya yi ta rubuce-rubucen kare kai har aka janye shi daga Kirimiya a farkon 1855. Ya nemi a gurfanar da shi a kotun soja don ya wanke sunansa, aka ƙi, sai ya tashi a Majalisar Dattawan Birtaniya a watan Maris ya ba da nasa labarin, har da tambayar da ya yi da hannun da Nolan ya watsa. Cardigan ya koma gida aka tarbe shi a matsayin gwarzo. Mawaƙi Tennyson ya rubuta waƙar da ta sa harin ya shahara, kuma abin da ta yaba shi ne biyayyar mahayan da ba su nemi dalili ba. Wannan yabo ya dace da ƙaramin soja da ke cikin sahu, wanda ba shi da takarda a hannu kuma ba shi da ikon tsayar da kowa. Bai dace da janar-janar biyu da aka ba muƙami domin su auna abin da aka aiko musu ba. Raglan ya rasu a Kirimiya a watan Yunin 1855. Bindigogin da ya so a ceto kuwa, guda 7, Rashawa sun janye su a ranar, sun kai su Sebastopol sun nuna wa mutanen gari a matsayin ganimar nasara.